Tuwo Bai Yi Laifi Ba: Yadda Gwangwani da Cokali Ke Rage Ƙiba

A gidaje da dama yanzu ana ɗora tukunya biyu da daddare. Babbar ta iyali ce, tuwo ne da miya kamar kullum. Ƙaramar ta uwargida ce, wadda likita ya gaya wa cewa hawan jininta da ciwon gwiwarta suna da nasaba da nauyin jikinta. A cikin ƙaramar akwai dafaffen kabeji da ƙwai biyu, wani lokacin da ɗan kifi idan hali ya yi. Ita ce ta tuƙa tuwon, ita ta kwashe shi, ita ta zuba wa kowa, sannan ta koma gefe da kabejinta tana kallon yara suna suɗe kwano.

Wannan tsari yakan yi mako biyu ko uku. Daga nan sai biki ya taso, ko baƙi su zo, ko kuɗin ƙwai ya gagara, ko kuma wani dare kawai rai ya ƙi. Sai a koma ga tuwo da irin yunwar wanda ya daɗe bai gan shi ba. Bayan wata biyu nauyin da aka zubar ya dawo, ya kuma taho da wata mummunar fahimta, wato cewa mutum ba shi da juriya, ko kuwa cewa abincin Bahaushe da rage ƙiba ba sa ga maciji da juna.

Duka biyun kuskure ne. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Mafi yawansu ba za su iya riƙe tukunya biyu har abada ba, ko ta fuskar aljihu ko ta fuskar zamantakewa. Tsarin da zai amfane su shi ne wanda ya bar tuwo da shinkafa da ƙosai a mazauninsu, ya taɓa yawansu kawai. Sai dai wannan magana, da ake yawan faɗinta a matsayin lallashi, ba ta aiki sai an mayar da ita lissafi: gwangwani nawa, cokali nawa, malmala nawa.

Abin da sikeli ke ɓoyewa a makon farko

Dalilin da ya sa barin tuwo ke da farin jini shi ne yana ba da sakamako da wuri. Wanda ya daina cin tuwo da shinkafa da burodi ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo yakan ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne mafi yawan wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Idan aka yanke abinci mai sitaci, jiki yakan cinye wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Ranar da aka koma cin tuwo ajiyar ta cika, ruwan ya dawo, sikeli ya hau. Daga nan ake yanke wa tuwo hukuncin laifin da bai yi ba, domin kitsen jiki bai canja sosai ba a tafiyar ko a dawowar.

Kitse yana da nasa lissafin, kuma a hankali yake tafiya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Wanda ya rage kalori 500 a kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa zai zubar da kusan rabin kilo a mako, a farkon tafiya. Jiki bai damu ba ko daga tuwo aka cire 500 ɗin ko daga mai.

An gwada wannan a kan mutane. A wani bincike da Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, an raba manya 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka bi su tsawon shekara guda. Masu rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kimanin kilo 5.3, bambancin da bai kai a gina hukunci a kansa ba. Wani binciken na 2005 da ya gwada shahararrun tsare-tsare huɗu ya gano cewa abin da ya fi nuna wanda zai rage nauyi shi ne yadda ya riƙe tsarin da aka ba shi, ko wane iri ne. Idan haka ne, tambayar da ta kamata mai son rage ƙiba ya yi wa kowane tsari ita ce: shin zan iya cin wannan a gidana, da kuɗina, har shekara ta zagayo? Ga mafi yawan Hausawa, tsarin da babu tuwo a cikinsa ya faɗi wannan jarrabawa tun kafin a fara.

Ma'aunai uku da ke kowane ɗakin girki

Ba a buƙatar sikelin awon abinci. Gwangwanin madara, babban cokali da ƙwayar sukari sun isa.

Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ɗauke da kalori kusan 500. Ɗanyen hatsi kuwa, ko shinkafa ce ko masara ko dawa ko gero ko alkama ko acca, duk giram 100 yana ba da kalori tsakanin 340 da 370. Wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar masu sayen garin alkama ko acca da tsada da sunan rage ƙiba. Hatsin da ba a cire masa dusa ba ya fi riƙe ciki, kuma wannan alfanu ne na gaske, amma malmala uku ta tuwon alkama ba ta fi malmala uku ta tuwon masara sauƙi ba.

Babban cokali ɗaya na mai, ko man gyaɗa ne ko manja ko man shanu ko man zaitun, yana ɗauke da kalori kusan 120. Wato cokali huɗu na mai sun yi daidai da gwangwani guda na shinkafa. Gwangwanin shinkafa idan ya dahu yakan cika faranti, mutum ya ci ya san ya ci. Cokali huɗu na mai kuwa sukan ɓace a cikin abinci ba tare da ciki ya san sun wuce ba. Nan ne mafi yawan ƙibar ke shigowa ba sallama.

Ƙwayar sukari ɗaya tana da kalori kusan 20. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙwaya shida zuwa bakwai, kalori kusan 150. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sukan kusanci haka idan mai haɗawa ta saki hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum, kuma kwalbar lemo guda ta cinye mafi yawan wannan rabo. Matsalar abin sha ita ce ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Wanda ya sha lemo da abincin rana ba ya rage loma ko ɗaya saboda shi.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, domin girki ya bambanta daga hannu zuwa hannu. Amma sun isa su nuna inda ya kamata wuƙa ta fara sauka.

Yini guda a gidan wata malama

A ɗauki misalin wata malamar makaranta mai shekara 38, tsayinta santimita 162, nauyinta kilo 88, tana girka wa mutum shida. Mace mai irin wannan jiki, da zirga-zirgar aji da ta gida, tana ƙona kalori kusan 2,250 a yini.

Da safe takan sha kofin koko da sukari ƙwaya uku, ta haɗa da ƙananan ƙosai shida. Kokon kusan 150 ne, sukarin 60, ƙosan 360 saboda man da suka sha, jimla 570. Da rana garau-garau ne: shinkafar da ta kai kashi uku cikin huɗu na gwangwani, 370, wake kaɗan, 120, mai cokali uku, 360, da kwalbar lemo, 150. Jimla 1,000. Da dare tuwon shinkafa ne. Tana dafa gwangwani shida ta kwashe malmala goma sha biyu, kowace 250, ita ta ci biyu, 500. Miyar da ta ci cokali takwas na manja rabonta a ciki ya kai 200, yankan nama 100. Jimla 800. Yinin gaba ɗaya ya tashi a 2,370.

Babu wanda zai kalli wannan ya kira ta mai haɗama. Rarar da ke tsakanin abin da take ci da abin da take ƙonawa ba ta wuce cokali ɗaya na mai ba. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba, kuma irin wannan ƙaramar rara ce ke tara kilo goma sha a cikin shekaru.

Ga yadda yinin zai kasance idan aka bar kowane abinci a wurinsa aka taɓa ma'auni kawai. Da safe koko yana nan, sukari ya koma ƙwaya ɗaya, ƙosai huɗu. Jimla 410. Da rana garau-garau yana nan, amma an juya shi: shinkafa rabin gwangwani, 250, wake ya ƙaru zuwa 200, mai cokali ɗaya da aka auna kafin a zuba, 120, sai yankakken kabeji da tumatir da albasa ko dafaffen zogale mai yawa, 50, ruwa a madadin lemo. Jimla 620. Da la'asar, lokacin da yunwa ta fi kai hari, lemon zaƙi da gwaiba ko yankan gwanda ko kankana, kusan 100.

Da dare kuma sai dabarar da ta fi kowace sauƙi. Gwangwani shida ɗin nan dai za a dafa, amma a kwashe malmala goma sha takwas maimakon goma sha biyu. Kowace ta koma kusan 165. Malama za ta ci biyu kamar yadda ta saba, 330, duk wanda bai ƙoshi ba a gidan ya ɗauki ta uku. Manjan miya ya koma cokali huɗu, ganye ya ƙaru, ta zuba miya fiye da da, 150, nama yana nan, 100. Jimla 580. Yinin ya tashi a 1,710.

An sauko da 660 daga abin da take ci a da, kuma tana ƙasa da abin da jikinta ke ƙonawa da kusan 540. Wannan shi ne rabin kilo a mako. Abin lura a lissafin shi ne inda ragin ya fito. Duk abin da aka cire ya kai 890, aka mayar da 230 ta hanyar wake da ganye da 'ya'yan itace. A cikin 890 ɗin, shinkafa da tuwo 290 kawai suka bayar, wato kashi ɗaya cikin uku. Sauran daga mai ne da suya da sukari. Wanda ya bar tuwo gaba ɗaya amma ya ci gaba da soya ƙwai uku a cikin mai yana korawa da lemo, ya kori baƙo ne ya bar ɓarawo a ɗaki.

A wata uku, idan ta riƙe, za ta iya sauka daga kilo 88 zuwa kusan 82. Wannan ba zai sa ta canja ɗinki gaba ɗaya ba, kuma masu tallar shayin rage ƙiba za su raina shi. Amma kashi bakwai cikin ɗari ne na nauyinta. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi bakwai na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari. Kilo shida na farko su ne suka fi kowanne daraja ga jini da gwiwa.

Inda tsarin ke tuntuɓe

Masu sukar wannan hanya suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne.

Ta farko ita ce “rage kaɗan” ba shi da iyaka, alhali “kada ka ci” yana da ita. Wanda ya haramta wa kansa tuwo ya san ranar da ya karya doka. Wanda yake ragewa kuwa yana iya shekara yana yaudarar kansa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a gaban abinci ido ba abin dogaro ba ne. Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta nuna a 2002 cewa idan aka ninka abin da aka zuba wa mutane a faranti, sukan ci kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da da, ba tare da sun ji sun fi ƙoshi ba. Maganin wannan shi ne a yi awon a bakin tukunya, lokacin da ciki bai fara magana ba. A ƙirga gwangwanin da ya shiga, a ƙirga malmalar da ta fito, a zuba mai da cokali maimakon a tuntsura jarka. Mutum ya zuba rabonsa sau ɗaya a matsakaicin faranti, ya rufe tukunya, ya bar wurin.

Ta biyu ita ce yunwa. Idan aka rage tuwo aka bar gurbinsa fayau, ba a daɗe ana yi. Shi ya sa a misalin malamar aka mayar da 230. Ciki yana jin ƙoshi ne da nauyi da yawan abin da ya shiga, da kuma furotin da harza, wato ɓangaren tsiro da ba ya narkewa da sauri. A nan abincin Hausa yana da gata. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, ayoyo, taushe mai kabewa da alayyafo, duk ganye ne da ruwa, kalorinsu kaɗan ne idan ba a nutsar da su a mai ba. Wake, alale, awara da ba a soya ba, ƙwai dafaffe, busasshen kifi da nono marar sukari suna riƙe ciki na sa'o'i. An saba cin tuwo da yawa da miya kaɗan, ana dangwala. Abin da ake nema shi ne a juya, miya ta yi yawa, tuwo ya zama abokin tafiyarta. Sai dai a kula da gyaɗa. Giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka miyar gyaɗa mai kauri da kwaɗon da ya sha ƙuli-ƙuli da mai ba sa cikin abin da za a ci ba awo.

Ta uku ita ce tire. A gidan da ake haɗuwa a ci a kwano ɗaya, babu “rabona”. Ga kuma kunya: baƙon da ya tsame hannu da wuri za a ce masa, “Haba Yaya, ko abincin bai yi daɗi ba ne?” Matar da mijinta ya fara faɗawa kuwa tana iya jin magana daga dangi. Ware kwano yana warware lissafi amma yana iya taɓa zumunci, kuma ba kowa zai iya ba. Ƙananan malmala suna taimakawa a nan, domin ko a tire ɗaya mutum zai iya jan biyu gabansa ya tsaya a kansu, yana ci a hankali har sauran su gama. A gidan biki ko suna kuwa, abinci ɗaya ba ya rushe mako. Abin da ke rushewa shi ne tunanin cewa tunda an karya yau, sai a bari sai wata mai kamawa.

Akwai ta huɗu da ba a cika ambata ba, wato yara. A yankin da tsumburewar yara ta yi yawa, bai dace a rage wa dukan gida abinci don mutum ɗaya yana son rage ƙiba ba. Ƙananan yara suna buƙatar mai, kuma manja yana ba su sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Idan an rage man tukunya, a ƙara ɗan cokali a kwanon yara bayan an zuba. Ma'aunin na babba ne, ba na tukunyar gida ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa gwangwani shida suka zauna shida a misalin da ya gabata.

Yadda za a gane ko yana aiki

A hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin a ci komai. Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye saboda gishiri, ruwa, bayan gida da al'adar mata, don haka awo ɗaya ba labari ba ne. Abin dubawa shi ne inda aka dosa a cikin mako huɗu. Wanda ba shi da sikeli yana iya yanko igiya daidai tsayinsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita a saitin cibiya ko sama kaɗan. Idan bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsayi, kuma wannan alama ce ta kitsen ciki, wanda ya fi kowane haɗari. Ga malamar, iyakar ita ce santimita 81. Ratar da ke tsakanin bakin igiyar tana raguwa ko da a makon da sikeli ya ƙi motsi.

Idan mako huɗu suka wuce babu canji, da wuya laifin ya zama na tuwo. A fara bincikar cokalin mai, domin shi ne ya fi saurin komawa tsohon hali. Sai abin sha, har da shayi mai kauri da fura da aka zuba wa sukari. Sai ɗanɗane a bakin murhu da cinye ragowar yara don kada a zubar. Sai cincin da biskit da soyayyar awara na tsakanin abinci, waɗanda ba a lissafa su domin ba a zauna aka ci ba.

Bayan wata huɗu zuwa shida saukar takan yi sanyi ko ta tsaya, ko da ba a saɓa ba. Wannan ba gazawa ba ce. Jiki mai kilo 81 yana ƙona ƙasa da mai kilo 88, don haka giɓin da ya kai 540 a farko ya kankance. A nan zaɓi biyu ne: a ƙara tafiyar ƙasa ta rabin sa'a a yawancin ranaku tare da sake cire wani ɗan abu, ko a tsaya a riƙe abin da aka samu na wasu watanni. Na biyun ma nasara ce. Abin da bai kamata ba shi ne a yi ta zaftarewa har a kai ga jiri, ciwon kai, kasala a wurin aiki ko zubewar gashi. Waɗannan alamu ne na an wuce gona da iri, kuma saukar da ta dinga wuce kilo ɗaya a mako bayan makonnin farko ta yi sauri.

Akwai kuma waɗanda wannan lissafi bai ishe su ba sai da likita. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin da ke sauke sukari, irin su gilibenkilamaid, idan ya rage tuwo bai daidaita magani ba sukarinsa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da gumi da ruɗewa, har ya suma. Masu wannan ciwo kuma suna iya buƙatar rage sitaci fiye da abin da aka kwatanta a nan, domin a wurinsu ana kallon hawan sukari bayan cin abinci ne, ba nauyi kaɗai ba. Mai juna biyu ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta, mai shayarwa kuma tana buƙatar ƙari a kan waɗannan alƙaluma. Mai ciwon ƙoda ba zai ƙara wake da ganye yadda ya ga dama ba. Wanda kuwa yake ramewa ba tare da ya rage komai ba, musamman idan da ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, gwajin asibiti yake buƙata, ba murna ba. Haka wanda ƙibarsa ta zo bayan shan ƙwayoyin ƙara jiki da ake sayarwa barkatai, maganarsa ta fara ne daga ƙwayar, kuma wasunsu ba a yanke su rana ɗaya sai da kulawar likita.

Ga sauran jama'a, abin da ake nema ba shi da ban mamaki, shi ya sa ba shi da masu talla. Babu abin sayarwa a cikin gwangwanin madarar da aka riga aka shanye, ko a cokalin da ke rataye a kwando. Amma tsarin da za a yi hukunci a kansa shi ne wanda zai kai watan goma sha biyu, ya ratsa azumi da Sallah da bukukuwan dangi da ƙarshen wata lokacin da albashi ya ƙare. Malamar da ke cin ƙananan malmala biyu da miyar kuka mai yawa, a tabarma ɗaya da 'ya'yanta, tana da damar kaiwa can. Ƙaramar tukunyar kabeji kuwa, tun a mako na uku aka wanke ta aka kife.